Yadda ake rubuta shirin bidiyon doguwar tafiya a bas: daga Yamai zuwa Zinder

Wanda zai ɗauki bidiyon tafiya a motarsa yana tsayawa inda ya ga dama, ya koma baya in ya wuce abin da ya burge shi. Wanda ya sayi tikitin bas ba shi da wannan damar. Direba ne ke da iko da birki, kuma ba don bidiyon kowa zai taka shi ba. Saboda haka rubutun da ake yi wa irin wannan bidiyo ya bambanta da na sauran. Sai an raba shi tun daga gida: abin da tabbas zai faru a rubuta shi kalma da kalma, abin da ƙila ya faru a tanadar masa tambayoyi, abin da ba a san shi ba kuma a ware masa lokaci a bar wurinsa a buɗe. Zan bi hanyar Yamai zuwa Zinder, babbar hanyar da ta ratsa kudancin Nijar daga yamma zuwa gabas, domin tsawonta ya kai kusan kilomita 900, kuma duk matsalar da mai ɗaukar bidiyo zai gamu da ita a doguwar tafiya tana cikinta.

Aikin farko lissafi ne, tun kafin a rubuta jimla ɗaya. Motocin bas na wannan hanya da asuba suke tashi. In aka haɗa gudu da tsaye-tsaye da shingayen jami'an tsaro, kilomita 60 a awa ƙiyasi ne mai kyau na fara aiki da shi. A ce an tashi ƙarfe 5 na asuba. Dosso tana kusan kilomita 140 daga Yamai, ke nan za a isa bayan ƙarfe 7. Birnin Ƙonni, mai nisan kusan kilomita 420, za ta zo wajen tsakar rana. Madawa bayan azahar ta shiga, Maraɗi mai nisan kusan kilomita 660 wajen la'asar, Tasawa daf da magariba, Zinder kuwa sai bayan isha'i. Ƙiyasi ne, awa ɗaya ko biyu za su iya ƙaruwa, amma ko a haka ya riga ya faɗa maka abu mafi muhimmanci: tafiyar a duhu za ta fara, a duhu za ta ƙare. Kyamarar waya ba ta da abin da za ta gani ta taga a waɗannan sa'o'in.

Wannan ya sa hotunan Yamai ranar jajibiri ake ɗaukar su. Ka je tasha da hantsi lokacin sayen tikiti, ka ɗauki jerin motoci da masu awon kaya, in ka samu izinin shugaban tashar, sannan da yamma ka ɗauki kogin Kwara da hasken rana a kansa. Hotunan Zinder kuma, fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni da manyan duwatsun da ke zaune a tsakiyar gari, sai washegari da safe. A rubutun ka sa su a muhallinsu, kuma a bakinka ka faɗi gaskiya: "Wannan safiyar washegari ce." Mai kallo ba ya jin haushin hakan. Abin da ke ɓata masa rai shi ne ya ga ka ce ka iso da dare amma rana na haska bayanka.

Lissafin nan kuma yana hana ka yin alkawarin da ba naka ba. Kusan kilomita 60 daga Yamai akwai yankin Kure, inda raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke, kuma wani lokaci ana hango su daga titi. Duk wanda ya san haka zai so ya buɗe bidiyonsa da cewa yau za mu ga raƙumin dawa. To, motar da ta tashi ƙarfe 5 za ta wuce Kure wajen ƙarfe 6, kuma a lokacin sanyi rana ba ta fitowa a Yamai sai wajen ƙarfe 7. Ka cire su daga buɗewa. Ka rubuta jimla ɗaya da za ka faɗa a hankali cikin duhu, cewa yanzu muna ratsa ƙasarsu amma dare bai bar mu mun gan su ba. Wannan jimlar ta fi alkawarin da ba a cika ba daraja nesa ba kusa ba.

A ranar jajibirin nan ne kuma za ka yi tambayar da rubutun ya dogara a kanta. Ka samu mai sayar da tikiti ko yaron mota ka ce: "Malam, don Allah ina da ina ake tsayawa gobe, kuma a ina ake daɗewa don cin abinci da salla?" Kowane kamfani da tasoshinsa, kowane direba da al'adarsa. Amsar da ka samu ita ce za ta raba maka garuruwan hanya gida biyu, waɗanda ƙafarka za ta taka ƙasarsu da waɗanda ta taga kawai za ka gan su. In ana zaɓen kujera, nan ma akwai shawara. Motar gabas ta nufa, kuma daga kaka har zuwa farkon bazara rana ta kudu take karkata, wato ta hannun dama. Tagar hagu ta fi ba da hoto mai tsabta domin rana ba ta dukan gilashin. Amma masu talla da gefen titi suna hannun dama, tunda a Nijar ta dama ake tuƙi. In bidiyonka na shimfiɗar ƙasa ne, zauna hagu. In na mutane da kasuwa ne, zauna dama ka jure ranar.

Yanzu sai zaren da zai ɗaure bidiyon. Jera sunayen garuruwa ba labari ba ne, kuma bidiyon da ba abin da ke cikinsa sai "yanzu mun iso", "yanzu mun wuce" ba a kai wa rabinsa. Ana bukatar tambaya guda da za a yi a minti na farko, a riƙa komawa gare ta a kowane zango. A wannan hanyar, tambayar da na fi so ita ce: me kowane gari yake miƙo wa matafiyi ta taga? Tambaya ce da ba ta bukatar direba ya yi maka alfarma, domin ko tsayuwar minti biyu ce masu talla za su zo. Kuma tana buɗe ƙofar hira, saboda mai sayarwa ya fi sakin jiki da wanda ya saya. Da wannan zaren, buɗewar za ta iya zama kamar haka, kuma ita ce za a rubuta a haddace:

"Assalamu alaikum. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ina tashar mota a Yamai. Tsakanina da Zinder kusan kilomita ɗari tara, kuma ban taho da guzuri ba. Abin da hanya ta miƙo mini ta taga shi zan ci, kuma duk wanda ya sayar mini zan tambaye shi daga ina abin ya fito."

Jimla huɗu, ba ta kai daƙiƙa talatin ba. Ba a gode wa masu kallo, ba a roƙi kowa ya danna komai ba tukuna. Ka ajiye wannan sai an yi nisa.

A ce bidiyon minti 15 kake so ya zama. Ka ba abin da aka rubuta minti 9, ka bar minti 5 babu komai a cikinsu, ka ware minti 1 na isowa. Minti taran nan ba duka magana ba ce, kusan rabinsu hoto ne da ƙarar hanya. Domin ka san yawan kalmomin da za su shiga, ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi kana duba agogo, da irin saurin da kake hira da shi, ka ƙirga. Yawancin masu farawa suna rubuta ninki biyu na abin da bidiyon zai ɗauka, sai a wajen tacewa su rasa abin da za su yar, daga ƙarshe su yar da abubuwan bazata, waɗanda su ne naman bidiyon.

Ga kowane gari, abin da za a rubuta bai wuce jimla biyu ko uku ba, kuma gaskiya guda ɗaya da ka tabbatar da ita. A Dosso, inda gari zai waye maka, ka ambaci fadar Jarmakoy da cewa nan ƙasar Zabarmawa ce. A Dogon Dutsi, duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai za su yi maka rabin aikin, kai dai ka ce mun shigo Arewa, daga nan Hausa za ta fi yawa a kunne. A Ƙonni ka ce Illela ta Najeriya tana nan kusa ta kudu, kuma hanyar Sakkwato ke nan. Kafin Maraɗi akwai Tibiri ta Gobirawa, Maraɗi kuma mazaunin Katsinawan da suka ƙaura bayan jihadi. Zinder ita ce babban birnin Nijar a zamanin Faransa har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Kada ka ƙara. Tarihin da ya wuce jimla uku a cikin mota mai girgiza ya zama lacca, kuma duk abin da ba ka tabbatar ba, mutanen garin da kansu za su kama ka a kai.

Wurin da rubutu ya fi amfani shi ne tsayuwa, domin nan ne lokaci ke yaudara. A ce an faɗa maka za a yi minti ashirin a Ƙonni. Saukowa daga mota cike da mutane za ta ci minti biyu ko uku. Ban-ɗaki da alwala da salla, in lokacinta ya yi, za su ci kusan goma, ko da an yi ƙasaru. Dole ka koma kusa da mota minti uku kafin tashi, domin direban da ya busa ƙaho sau biyu ba lalle ya busa na uku ba. Abin da ya rage maka minti huɗu ne ko biyar. Wanda ya sauko yana tunanin me zai ɗauka, kafin ya yanke shawara an tafi. Saboda haka a takardarka, ƙarƙashin Ƙonni, ka rubuta ɗauka uku bisa tsarin muhimmanci. Na farko hoton da ke nuna wurin gaba ɗaya, motar da tashar da cunkoson jama'a, daƙiƙa goma ba tare da motsa waya ba. Na biyu hannun mai sayarwa yana zuba maka abinci, a kusa sosai. Na uku fuskarka kana faɗin jimlolin da ka haddace. In lokaci ya ƙure, na ukun ake bari, tunda ana iya ɗora murya daga baya, amma ba a iya komawa Ƙonni a ɗauko hannun.

Tsakanin Ƙonni da Madawa akwai Galmi, wadda albasarta mai ruwan shuni ta yi suna har a kasuwannin Abijan da Akara. Ga bidiyon da zarensa abin da ake miƙowa ta taga ne, Galmi ita ce zangon da ba a so a rasa, amma babu tabbacin za a tsaya. Irin wannan wuri rubutu biyu ake yi masa. In an tsaya: ka sayi ƙaramin ƙulli, ka tambayi mai sayarwa yaushe aka cire ta da yadda ake adana ta har ta kai damina. In ba a tsaya ba: tun daga mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, ka shirya waya, ka wuce Malbaza da masana'antar simintinta, sannan ka kunna ɗauka kafin shiga garin, ka bar ta tana tafiya har a fita. Buhunan albasa a gefen titi a lokacin kakarta za su ba ka daƙiƙa goma masu kyau, sai ka juya ga maƙwabcin kujerarka ka tambaye shi ko ya taɓa sayen ta. Haka za ka yi wa kilishin Madawa. Kowane zangon da ba ka da tabbacinsa, layi biyu.

Ɗauka ta taga tana da nata ƙa'ida. Ka goge gilashin, ka manna wayar kusa da shi sosai don kada hoton cikin mota ya fito a kai, amma ka sa yatsa ko gefen hannu tsakani don girgizar mota kada ta shiga kai tsaye. Kada ka jawo hoto kusa da yatsu, duk jawowa tana ninka rawar hoton. Ka ɗan karkata wayar zuwa gaba maimakon gefe sak, domin abin da ke gefe yana wucewa da saurin da ido ba ya kama shi. Ɗauka a 1080p ta isa. Ɗauka a 4K tana cin wuri ninki biyu ko uku, tana zafafa waya, kuma a tafiyar awa 15 waya mai zafi kashe kanta take yi. Fawa-banki mai ƙarfin 20,000 mAh da ka cika daren jiya ya fi dogaro da soket ɗin mota, wanda ƙila ba ya aiki ko wani ya riga ka.

Sauti ya fi hoto wahala a bas. Inji na gurnani, iska na busawa, jarirai na kuka. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, mai soso a kai, shi ne kayan da ya fi cancantar kuɗinka. Akwai kuma matsalar da mutane ba sa hangowa sai bidiyo ya hau: waƙar da direba ya kunna, ko fim ɗin da ake nunawa a talabijin ɗin mota. YouTube na gane waƙar da ke da mai ita ko da a bayan magana take, kuma kuɗin tallan bidiyon na iya komawa ga mai waƙar. Saboda haka jimlolin da ka rubuta ka faɗe su lokacin da aka kashe kiɗa, ko a ƙasa lokacin tsayuwa. In hira mai daɗi ta taso kiɗa na tashi, ka matsa makirfon daf da bakin mai magana, ka taƙaita abin da za ka yi amfani da shi.

Sai mintuna biyar ɗin nan da aka bari babu komai. Barin su a buɗe ba yana nufin zama kawai a jira ba. A takardar ka zana gurbi uku, ɗaya da safe, ɗaya tsakanin Madawa da Maraɗi lokacin da gajiya ta sa mutane sun saba da juna, ɗaya da yamma. Ba ka san abin da zai cika su ba. Ƙila taya ta fashe kowa ya sauko ƙarƙashin bishiya. Ƙila garken shanu ya tare hanya, ko hazo ya rufe ƙasa, ko wata tsohuwa ta buɗe ƙullin guzurinta ta raba wa layinku, ko gardama ta ɓarke a kujerun baya kan kokawar gargajiya. Abin da za ka iya shiryawa shi ne yadda za ka kama shi. Ka kunna ɗauka nan take, ka yi shiru daƙiƙa goma na farko, ka bar abin ya faru. Mai ɗaukar da ya fara bayani tun abin bai gama faruwa ba ya binne shi da muryarsa. Bayan ya lafa ka juyo da waya ka faɗi jimla ɗaya ta abin da ya faru da inda ake. Sannan ka rubuta a takardar, ko ka yi gajeren saƙon murya: ƙarfe nawa, kusa da wane gari, wa ya yi magana. Da daddare, cikin gutsattsarin bidiyo ɗari da wani abu, wannan bayanin ne zai nuna maka inda kowanne yake.

Hira da fasinjoji ma a waɗannan guraben take shiga, kuma tambayoyinta ana rubuta su tun gida, uku sun isa. Tambayar da amsarta e ko a'a ce ba ta haifar da komai. "Baba, me ya kai ka Damagaram?" ta fi "Baba, tafiyar da daɗi?" Ga wanda ya saba bin hanyar: "Alhaji, da can kwana nawa ake yi a nan?" Ga mai talla: "Inna, ke kika yi ko saro shi kika yi?" Amma kada waya ta riga gaisuwa. Ka yi sa'o'i kana hira da maƙwabcinka, ka miƙa masa abin da ka saya, sannan ka ce: "Ina haɗa bidiyo ne da zan sa a intanet, ka yarda in ɗauki maganar nan?" Ka faɗi intanet ɗin a fili, domin yarda da hoto daban, yarda duniya ta gani daban. Wanda ya ce murya kawai, ka ɗauki hannunsa ko tagar. Matan aure da 'yan mata, in ba su da kansu suka yarda ba, ko a gefen hoto kada su fito. Mai barci ba a ɗaukarsa sam, kuma ina ganin wanda ya sa hoton bawan Allah yana barci baki buɗe don a yi dariya ya ci amanar tafiya.

Akwai wuraren da rubutun zai ce a fili: a nan waya aljihu. Duk shingen jandarma, 'yan sanda, soja ko kwastan, tun daga hango shi har a wuce. Haka motocin soja da barikinsu. Ɗaukar su na iya jawo a ƙwace wayar, a goge aikin yini guda, a tsare motar gaba ɗaya saboda kai. In kana so mai kallo ya san an tsaya bincike, ka faɗa da baki bayan an yi nisa. Haka kuma kada ka watsa tafiyar kai tsaye, kada ka sanar da motar da kake ciki da inda kuka kai. Ba kai kaɗai ne a cikinta ba. Bidiyon ya jira sai kowa ya isa gida.

In guraben uku sun wuce ba abin da ya faru, kada ka ƙirƙira. Kada ka sa yaron mota ya maimaita wasan da ya yi, kada ka nuna firgitar da ba ka ji ba. Ana ganewa, musamman waɗanda suka san hanyar. Ka rage bidiyon ya koma minti 10, ko ka cike gurbi ɗaya da daƙiƙa talatin na hanya zalla, gonakin gero da rumbuna da amalanken jaki suna wucewa, ba magana. In kuma akasin haka ya faru, abu ɗaya ya zo da ya fi duk abin da ka rubuta, misali motar ta lalace awa uku a wani ƙauye mutanen ƙauyen suka kawo ruwa da tabarmi, to ka ba shi minti biyar ɗin duka, ka yanke tarihin garuruwa biyu ka ƙara masa.

Rufewa ita kaɗai ce ba a rubuta ta a gida. A takardar ka bar mata layi uku fanko. Bayan an wuce Tasawa duhu zai rufe taga, ba sauran abin ɗauka, kuma akwai kusan awa biyu kafin Zinder. A nan za ka kunna fitilar waya, ka duba bayanan da ka tara tun safe, ka rubuta amsar tambayar da ka yi a Yamai: me aka miƙo maka, nawa ka kashe, wanne ya fi, wa ya faɗi maganar da ta zauna maka. Ka faɗe ta a tashar Zinder ƙarƙashin fitila mafi haske da ka samu, fitilar tana gabanka ba bayanka ba, da gajiyar a fuskarka yadda take. Kafin ka kwanta ka kwafe komai zuwa memori na biyu ko kwamfuta, ka sa waya da fawa-banki a caji, domin hotunan Birni da fadar sarki da sassafe za ka ɗauke su, kafin rana ta yi ƙarfi.